Yadda za ki tari hujjar da ta fi ƙarfi a kanki: misali da dokar hana okada a Legas

Tambaya: Salam Malam. Ina aji uku a soshiyoloji a wata jami'a nan Legas, an bamu asamen mu rubuta maƙala mai kare matsaya, ni na ɗauki hana okada, nace illarsa tafi amfaninsa. Yayana okada yake yi a Agege dan haka na san abin. Lakcara ya dawo min da ita wai hujjar ɗaya ɓangaren da na kawo mara ƙarfi ce. Abinda na kawo shine masu cewa 'yan okada duk ɓarayi ne da baƙin haure, kuma na rusa ta tas. Ta yaya zan gane wadda tafi ƙarfi, kuma in na kawota ba zata kashe min maƙalar ba?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Lakcaranki gaskiya ya faɗa, kuma taimakonki yayi. Maganar cewa duk ɗan okada ɓarawo ne ana yinta kam, a danfo, motar hayar nan ta Legas, ana yi, a rediyo ana yi, kuma na san tana miki ciwo tunda yayanki ake zagi. Amma kalmar "duk" ɗin nan ita ta riga ta kashe maganar, ɗan okada guda mai gaskiya ya isa ya rusa ta, dan haka mai karatu bai ƙaru da komai ba da kika rusa. A dambe ba a yin suna da kashe wanda kowa ya san baya iya tsayuwa, sai ranar da ka buge wanda ake tsoro. Mai duba takardarki so yake yaga ko matsayarki zata tsaya a gaban mutumin da ya san abin sosai kuma bai yarda dake ba.

Toh fara da nan. Kafin ki nemi hujjar wani, ki warware taki tukuna. Matsayarki tace illar hana okada tafi amfaninsa. In kika duba da kyau magana uku ce a dunƙule. Akwai cewa dokar tayi illa, wato ta raba mutane da sana'a ta kuma ƙara wa talaka wahalar zirga-zirga. Akwai cewa amfaninta kaɗan ne. Akwai kuma cewa in an ɗora biyun a sikeli illar ce ke rinjaye. Yanzu ki tambayi kanki, wacce ce a cikin ukun nan in aka cire ta ginin gaba ɗaya zai zube? Ta farko babu mai jayayya dake a kanta, ita kanta gwamnati bata ce babu wanda ya rasa abinci ba. Rigimar tana kan ta biyu da ta uku. Saboda haka hujjar da tafi ƙarfi a kanki ita ce wadda zata ce amfanin ba kaɗan bane, kuma irin amfanin da ba a auna shi da kuɗin shiga ne, wato rai. Haka ake gano ta a kowace maƙala, a nemo inda nauyin da'awar ya sauka sannan a tambaya wa ke dukan daidai wurin.

Abu na biyu shine ki canza mutumin da kike gardama dashi a ranki. Ki bar mai zagi a danfo. Ki kawo likitan ƙashi dake aiki a asibitin Igbobi, wanda shekara da shekaru yana ganin matasa da karayar cinya da fashewar kai, da yawansu ma 'yan okadan ne da kansu ba fasinja ba. Wannan mutumin baya ƙin Bahaushe, baya ƙin talaka, ƙila ma yafi ki tausayin yayanki. In ya karanta maƙalarki me zai ce? Nan hujjar take. Kuma ba sai kin ƙirƙiro masa magana ba, tana nan a rubuce. Lokacin da gwamnatin Sanwo-Olu ta sanar da hanin da ya fara aiki 1 ga Fabrairu 2020, kwamishinan yaɗa labarai Gbenga Omotoso ya bada dalili, yace daga 2016 zuwa 2019 an samu haɗurra sama da 10,000 a manyan asibitocin gwamnati kaɗai, mutum sama da 600 sun mutu. Wannan adadin shi ya kamata ya bayyana a maƙalarki, da sunan wanda ya faɗa da ranar, ba "wasu mutane na cewa" ba. Duk inda naga ɗalibi ya rubuta wasu na cewa ba tare da ya nuna su waye ba, nakan san bai je ya karanta ɗaya ɓangaren ba, daga kansa ya ƙago abokin gardamar, kuma wanda mutum ya ƙago da kansa kullum mai sauƙin kayarwa ne.

Yanzu rubuta ta. Ki rubuta ta yadda in likitan nan ya karanta zai ce eh, haka nake nufi, ko ni ba zan faɗa fiye da haka ba. Kada ki sa mata kalmomin raini irin su "wai" ko "suna riya cewa", kada kuma ki fara rusa ta tun kafin ki gama faɗarta. Wanda ya zauna gaban malaman zaure ya san salon, malami zai ce idan aka ce kaza, ya kawo maganar da dalilinta cikakke, sannan yace sai mu ce. Ga yadda zata iya fita, ke sai ki mayar da Turanci:

Masu goyon bayan hanin suna da dalili mai nauyi. Babur bashi da jikin da zai kare wanda ke kai, kuma a manyan titunan Legas yana gudu ne tsakanin tireloli da tankoki. Gwamnatin jiha ta bada adadin haɗurra sama da 10,000 da mutuwa sama da 600 a shekara huɗu. Wanda ya rasa sana'a zai iya samun wata ko ya koma wata unguwa, wanda ya mutu baya dawowa, wanda aka yanke wa ƙafa ya rasa sana'ar da ƙafar duka. Idan hanin ya rage ko da wani kaso na wannan, bai dace a auna shi da asarar kuɗin shiga ba.

Kinga wannan tana da ciwo. In kika karanta baki ji gabanki ya ɗan faɗi ba, to baki kai ga mai ƙarfin ba tukuna. Wannan shine gwajin da nake ba ɗalibaina, kuma yana aiki.

Sai amsa, kuma nan ne aikin soshiyoloji na gaske yake. Hujjar nan kashi biyu ce a haɗe, kuma kowanne da irin amsarsa. Kashi ɗaya magana ce ta abinda ya faru, cewa hanin ya rage mutuwa. Wannan da bayanai ake amsa shi. Ɗaya kashin magana ce ta abinda yafi daraja, cewa rai yafi sana'a. Wannan bayanai basa amsa shi, kuma shawarata kada ma kiyi jayayya dashi, ki yarda, dan ke ma haka kika ɗauka. Kuskuren da ɗalibai suka fi yi shine a kawo musu maganar mutuwa su amsa da maganar yunwa, ace mutum 600 sun mutu su ce ai dubbai sun rasa aiki. Wannan ba amsa bace, maimaita matsayarki ce kawai da ƙarfin murya, kuma mai dubawa yana ganewa nan take. Ki tsaya kan kashin farko ki tono shi.

Tambayar farko da za kiyi wa adadin nan: me yake nunawa, me kuma baya nunawa? Yana nuna cewa kafin hanin akwai matsala babba, in kika raba 600 gida huɗu kusan mutum 150 kenan a shekara. Amma adadi ne na kafin doka, bai ce komai ba kan abinda dokar ta haifar bayan an yi ta. Sannan bai faɗi tafiya nawa aka yi a kan babur a waɗannan shekarun ba, ba tare da wannan ba kuwa ba za ki iya cewa haɗarin tafiya ɗaya a okada ya ninka na danfo sau kaza ba. Kuma adadin na jiha ne, alhali hanin na 2020 ƙananan hukumomi shida ya shafa, Apapa, Surulere, Ikeja, Eti-Osa, Tsibirin Legas da Legas Menlan, tare da manyan hanyoyi da gadoji. Nawa ne daga cikin mutuwar ya auku a inda aka hana, nawa a Alimosho ko Ikorodu ko Ojo inda ba a hana gaba ɗaya ba? Ki lura, ba cewa kike adadin ƙarya bane. Ki karɓe shi yadda yake, ki nuna iyakar abinda zai iya ɗauka.

Likitan zai dawo yace toh na ji, amma bayan hanin marasa lafiyar dake zuwa mana sun ragu. Nan ki buɗe kalanda. Hanin ya fara 1 ga Fabrairu 2020. Ranar 27 ga watan aka samu mutum na farko mai korona a Najeriya, a nan Legas. Ranar 30 ga Maris aka kulle garin, ba a fara sassautawa ba sai 4 ga Mayu, bayan nan ma ga dokar hana fitar dare, makarantu a rufe, ma'aikata da yawa a gida. Duk wanda ya kwatanta haɗurran 2019 da na 2020 yaga raguwa, ba zai iya rantsuwa cewa hana okada ne ya kawo ta ba, domin kowane irin abin hawa ya ragu a titi a lokacin. Wannan ita ce matsalar kwatanta kafin da bayan kawai, duk wani abu da ya faru a tsakani yana shiga cikin lissafin ya ɓoye. Haka in mutum ya ja kwatancen har bayan 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai, tsadar fetur kaɗai ta canza yawan zirga-zirga, dan haka ko nan sai anyi hattara.

Hanin 2022 yafi daɗin nazari, kuma da ni ne ke a kansa zan tsaya. Ranar 1 ga Yuni aka sake hanawa a waɗancan ƙananan hukumomi shida, sai 1 ga Satumba aka ƙara huɗu, Kosofe, Oshodi-Isolo, Shomolu da Mushin, wato har unguwar Idi-Araba dake Mushin ta shiga. Agege bata ciki. Wannan ya baki abinda masu bincike ke nema ido rufe, wuraren da doka ta shafa da wuraren da bata shafa ba, a gari ɗaya a lokaci ɗaya. Sai a duba canjin da aka samu a nan, a cire canjin da aka samu a can. Bari in miki lissafi da lambobin da na ɗauka na misali kawai dan ki ga yadda ake yi. A ce a yankin da aka hana ana samun rauni 100 a wata, bayan doka ya koma 60. Mai goyon baya zai ce kinga an rage 40. Sai ki duba yankin da ba a hana ba. In can ma daga 100 ya sauka zuwa 85, to 15 daga cikin raguwar ba ta doka bace, wani abu ne ya shafi garin duka, rabon dokar 25 ne. In kuwa can daga 100 ya hau zuwa 130, labarin ya canza gaba ɗaya, domin alama ce cewa baburan basu bar titi ba, ƙaura suka yi, nan an rage 40 can an ƙara 30, abinda jihar ta samu 10 ne kacal. Wannan batun ƙaura ki riƙe shi da kyau, kuma anan ne sanin da kike dashi ta wajen yayanki zai miki amfani: ki tambaye shi da abokansa ko bayan Yuni 2022 sababbin fuskoki sun ƙaru a tashoshinsu na Agege, daga ina suka zo, kuɗin da ake samu a rana ya ragu ko bai ragu ba. Hirar mutum biyar ko shida ba ƙididdiga bace kuma kada ki gabatar da ita kamar ƙididdiga, amma ta isa ta nuna cewa tambayar tana da tushe.

Akwai kuma wani abu da ba kowa ke lura dashi ba, shine ita dokar tana iya canza yadda ake rubuta haɗarin. A 2022 an ce mai babur da fasinja duka za a kama, ana kuma murƙushe baburan da aka ƙwace. Toh mutumin da ya faɗi a babur a Surulere bayan wannan, ya san yayi laifi, yana da dalilin da zai sa ya ƙi zuwa babban asibiti ya tafi wajen mai ɗori, ko yaje yace faɗuwa yayi a bene. Sai rajista ta nuna raguwa alhali wani ɓangare na raguwar a takarda ne kawai. Ba ki da hujjar cewa haka ya faru da yawa, dan haka a matsayin yiwuwa za ki rubuta, kice ga dalilin da yasa ya kamata a karanta adadin asibiti da taka tsantsan. Bambancin "wannan na iya faruwa" da "wannan ya faru" shine bambancin ɗalibin da ya iya da wanda bai iya ba, wallahi maki da yawa a nan yake zubewa.

Yanzu ga inda za ki ji tsoro amma dole ki bi. Bayan duk wannan tonon, hujjar bata mutu ba. Ko an cire korona, an cire ƙaura, an cire ɓoye haɗari, hankali baya ɗaukar cewa a cire babura daga hanyar Apapa zuwa Oshodi inda tireloli ke bi kuma ace ba a ceci ran kowa ba. Ki faɗi haka da bakinki a cikin maƙalar. Kice a manyan hanyoyi da gadoji hujjar kare rai tana da ƙarfi kuma wannan maƙalar bata jayayya da ita. Kin tambaya ko hakan ba zai kashe maƙalar ba. Abinda zai kashe shine tsohuwar matsayarki mai faɗi, wadda dama ba zata kare kanta ba. Sai ki koma gabatarwa ki gyara ta ta zama ƙarama amma mai tsayuwa, misali: hana okada a manyan hanyoyi yana da dalili, amma faɗaɗa shi zuwa lungunan unguwanni, inda gudu kaɗan ne kuma danfo baya shiga, ya ɗora wa matuƙa da fasinja asarar da bayanan da ake dasu basu nuna an samu kwatankwacinta a kare rai ba. Kinga yanzu maganar asarar sana'a ta samu wurin zama, domin kin riga kin ware inda rai ke cikin haɗari sosai. Kuma kada ki manta ki gyara kammalawa ma, nakan ga takardar da a tsakiya ɗalibi ya sassauta amma a ƙarshe ya koma yana cewa dokar bata da amfani ko kaɗan, kamar mutum biyu ne suka rubuta.

Saura zagaye na biyu, kuma a ganina shine ainihin mai ƙarfin. Da zarar kin ce a hana a manyan hanyoyi a tsara a cikin unguwa, wanda ya san tarihin garin nan zai ce ai an gwada. Dokar hanya ta 2012 zamanin gwamna Fashola abinda tayi kenan, ta hana babur a hanyoyi 475, ta bar sauran da sharuɗɗa, hular kwano, fasinja ɗaya, banda mai ciki da ƙaramin yaro. Kuma kowa ya ga yadda ta kasance, a hankali babura suka dawo kan hanyoyin da aka hana har da bin hannun da ba nasu ba. Zai ce tsari yana buƙatar jami'in da zai duba hula da lasin da yawan fasinja a kan dubban babura, hani kuwa abu ɗaya jami'i zai duba, akwai babur ko babu. Wannan magana ce ta ƙarfin hukuma, kuma tafi ta farko wuyar amsawa domin kai tsaye take dukan mafitar da kika kawo.

Me za ki ce? Abu biyu kike dasu kuma ki faɗe su daidai girmansu. Na ɗaya, shi ma hanin da jami'an nan dai ya dogara, kuma shaida ita ce ƙananan hukumomi shidan da aka hana a 2020 su aka sake hanawa a 2022, da na farko ya zauna da ba a sake ba. Dan haka gazawar aiwatarwa bata zaɓi tsari ta bar hani ba, duka biyun ta ci. Na biyu, a 2020 akwai kamfanoni irin su Gokada da MAX da suke aiki da manhaja, matuƙansu da rajista da hular kwano, ana iya bin sawun kowace tafiya, kuma hanin ya haɗa dasu. Wato an rufe wani nau'in tsari da bai dogara da ɗan sanda a bakin titi ba kafin a ga ƙarshensa. Za ki iya ambatar Kigali, babban birnin Ruwanda, inda babura ke aiki da hula da riga mai lamba, amma in kin ambata ki faɗi da kanki cewa girman garin da yadda hukuma ke aiki a can ba irin na Legas bane, in ba haka ba mai dubawa zai faɗa miki a gefen takarda. Bayan waɗannan ki yarda cewa duba hani yafi duba tsari sauƙi, wannan gaskiya ce, kuma mafitarki tana tsayawa ne kawai in an samu hanyar aiwatarwa da ta fi ta 2012. Ki bar wannan a buɗe, ba aibi bane.

Batun ƙabilanci kuwa, na san yana ranki, domin mu da muke zaune a Agege da Idi-Araba da Alaba Rago mun san su waye akasari ke kan baburan nan, mun kuma ji irin maganganun da aka yi a watan Mayun 2022 bayan kisan da aka yi a Lekki wanda aka danganta da 'yan okada. Za ki iya rubuta cewa nauyin dokar ya fi sauka kan matasa 'yan ci-rani daga Arewa, wannan magana ce ta sakamako kuma tana cikin hujjojinki. Amma kada kiyi amfani da ita a matsayin amsa ga hujjar kare rai. Ko da wanda ya kawo doka yana da mugun nufi, adadin waɗanda suka mutu bai canza ba. Sannan mai jayayya dake yana da amsa a aljihu: Abuja ta hana a tsakiyar birni tun 2006 lokacin El-Rufai yana minista, Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, kuma a Kano ba za ki ce ƙin Bahaushe bane. In kika jingina maƙalar kan niyya, layi ɗaya ya isa ya kayar dake.

Maganar wuri da tsawo a taƙaice. In maƙalar kalma 2,000 ce, ki ba wannan sashen kamar 450 zuwa 550. Kusan 120 na faɗin hujjar, sauran na amsa. In kika ga faɗin hujjar layi biyu ne amsar shafi guda, to baki mata adalci ba. Ki sa shi bayan kin gama kafa hujjojinki kafin kammalawa, kada ya zama sakin layi na ƙarshe da ake liƙawa dan cika sharaɗi. Hujja ɗaya mai ƙarfi da zagayenta na biyu sun isa, kada ki jero biyar ki ba kowacce jimla ɗaya. Maganar ɓarayi da baƙin haure in kina so ki taɓa ta, jimla ɗaya ta ishe ta, kice ana yawan faɗa amma ba ita ce dalilin da yafi nauyi ba, ki wuce. Batun fashi da babur dai daban ne da wannan zagin, gwamnati ta ambaci tsaro a dalilanta, in kin ga zai ja ki nesa ki faɗa a gabatarwa cewa maƙalar kan haɗari da sana'a ta tsaya.

Bayanan kuma ki nema da ƙafarki. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana fitar da alƙaluma, hukumar ƙididdiga ta ƙasa ma tana wallafa rahoton haɗurran hanya jiha jiha, sannan akwai binciken likitoci da aka buga a mujallu kan raunin babur a asibitocin Legas, laburaren makarantarku zai taimaka. Abinda za ki tarar shine yawancinsu a matakin jiha suke, ba a raba su ƙaramar hukuma ƙaramar hukuma ba, dan haka kwatancen da na nuna miki ƙila ba za ki iya yinsa da lambobin gaske ba a asamen na sati biyu. In haka ne ki rubuta haka: ga kwatancen da zai raba gardamar, ga dalilin da yasa alƙaluman da ake dasu basu isa ba, kuma wannan rashin ya shafi ɓangarorin biyu, ni ba zan iya cewa hanin bai ceci rai ba, su ma ba za su iya cewa ga yawan da ya ceta ba.

Kafin ki miƙa, ki cire sakin layin da kika faɗi hujjarsu shi kaɗai, ki ba wani ɗan ajinku da kika san yana goyon bayan hanin, kada ki nuna masa sauran. Ki tambaye shi ko akwai abinda zai ƙara. In ya ƙaro wani abu da ya fi naki nauyi, shi za ki saka ki sake amsar daga farko. Allah Ya bada sa'a, ki gaida yayan naki, Allah Ya tsare shi a hanya.